Saƙon Farko Zuwa Ga Sabon Maƙwabci

A sababbin unguwannin manyan garuruwanmu, irin su Danbare da Rijiyar Zaki a Kano, ko Kubwa da Lugbe a Abuja, iyali kan tare a gida su yi mako biyu wanda suka haɗa katanga da shi bai san kamanninsu ba. Motar kaya ta zo, an sauke gado da kujeru da buhunan tukwane, an ja get an rufe. Maigidan yana fita tun hantsi bai ɗaga ba, ba ya dawowa sai an idar da Isha'i. A tsohuwar unguwa ta cikin gari ba a samun wannan giɓi, domin akwai zaure a buɗe, akwai dakali a ƙofar gida, kuma masallacin layi yana haɗa mutane sau biyar a yini. Kafin baƙo ya gama shigar da kayansa an riga an yi masa sannu da zuwa, wata maƙwabciya ta aiko yaro da kwanon tuwo. Inda dogayen katangu suka maye gurbin zaure kuwa, sau da yawa abin da ya fi saurin isa ga sabon maƙwabci shi ne saƙon waya.

Ana ganin abin ƙarami ne, layi uku ko huɗu kawai. Amma na sha ganin saƙon da aka rubuta da kyakkyawar niyya ya jefa wanda aka aika wa cikin zullumi, har ya toshe lambar. Dalilin ba ya wuce ɗaya: mai rubutu ya san kansa, ya san gidan da yake nufi, ya san alherin da ke ransa, sai ya manta cewa wanda ke karantawa ba ya ganin komai sai baƙuwar lamba.

Yana da kyau mu fara tsayawa a wurin mai karɓa. Tun da wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, mutane suka koyi darasi mai ɗaci game da lambar da ba su sani ba. Akwai saƙon da ke cewa an rufe maka asusun banki, ka turo lambobin sirrinka. Akwai mai cewa ya yi kuskuren turo maka kuɗi, ka taimaka ka mayar. Akwai wanda zai kira sunanka daidai, ya ce shi abokin yayanka ne. A 'yan shekarun nan kuma tsoron masu garkuwa da mutane ya ƙara sa kowa taka-tsantsan da duk wanda ya nuna ya san inda yake kwana. To ka ɗora wannan a kan mutumin da ya kwana biyu kacal a unguwar da bai san kowa ba, ga iyalinsa a gida shi yana wurin aiki, sai ga saƙo daga lambar da ba ta cikin wayarsa yana cewa an ga shigowarsa. Kafin ya ji daɗin gaisuwar, tambayoyi ne za su fara zo masa: wane ne wannan, ina yake, wa ya ba shi lambata, me yake nema? Saƙon gaisuwa mai kyau shi ne wanda ya amsa waɗannan tambayoyi tun kafin a yi su.

Ni ina ɗaukar wannan saƙo a matsayin sallama a ƙofar gida. Mai sallama yana tsayawa daga waje, ya ɗaga murya a ji shi, in an ce wane ne ya faɗi sunansa, sannan ya jira a ba shi izini. Ladabin da addini ya koyar ke nan a Suratun Nur, kuma hadisi ya iyakance neman izini sau uku, in ba a amsa ba mutum ya juya. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai so amsar sahabin da aka tambaye shi wane ne a bakin ƙofa ya ce shi ne kawai, bai ambaci suna ba. Wanda ya riƙe wannan ladabi a ransa ya riga ya san rabin yadda ake rubuta saƙon.

Yadda saƙo ɗaya yake gyaruwa

Mu ɗauki misali. Wani magidanci yana zaune a gida mai koren get, sai aka tare a gidan da ke yamma da shi ranar Asabar. Ran Litinin ya karɓi lambar sabon maigidan daga hannun mai gadin layi. Abin da yatsa ya saba bugawa shi ne:

"Slm ykk ya gida"

Wannan gaisuwar abokai ce, waɗanda suka riga suka san juna. Ga baƙo ba ta ɗauke da komai. Babu suna, babu dalili, kuma gajarta sallama zuwa haruffa uku ga mutumin da wataƙila ya girme ka yana kama da raini ko da ba ka nufa ba. Mafi yawan mutane ba za su amsa ba, wanda ya amsa kuma zai ce "Wa ke magana?", ka ga an fara zumunci da tuhuma.

Sai ya sake gwadawa, wannan karon ya zuba duk abin da ke ransa:

"Assalamu alaikum. Na ga kun tare ranar Asabar da yamma, kai da madam da yara uku. Na lura kana fita da sassafe. Daga wane gari kuka zo? A ina kake aiki? Saye ka yi ko haya? Muna da kuɗin 'yan sintiri da ake biya duk wata."

Mai rubutun yana ganin ya nuna kulawa. Mai karantawa kuwa abin da ya gani shi ne wani da bai ambaci sunansa ba ya ƙirga masa 'ya'ya, ya san lokacin da gidan yake zama babu namiji, yana binciken aikinsa da ƙarfin aljihunsa, sannan ya rufe da maganar kuɗi. Ko ɗan damfara ba zai tara abin tsoro fiye da haka a saƙo ɗaya ba. Ƙa'idar da za a riƙe a nan ita ce, a saƙon farko kai ne kake bayyana kanka, shi ba ka tambaye shi komai game da kansa. Duk abin da ka gani na gidansa ka bar shi a cikinka.

Ga wanda ya dace:

"Assalamu alaikum Malam. Sannu da tarewa. Ni ne Wane, makwabcinku na gida mai koren get, gabas da ku. Mai gadi ne ya ba ni lambarku. Allah Ya sa alheri."

A wurin "Wane" sai mutum ya sa sunan da aka san shi da shi a layin. Wannan yana da muhimmanci, domin sabon maƙwabcin zai iya fita ya tambayi mai gadi ko mai shagon bakin layi. In sunan da ke takardunka ka rubuta alhali kowa a unguwa da laƙabin sana'arka ko sunan ɗanka na fari yake kiranka, za a ce masa ba a san mai wannan suna ba, shakkar da kake son kawarwa sai ta ninku.

Kwatancen gida shi ne ƙashin bayan saƙon. A yawancin unguwanninmu lambar gida ba ta aiki, ko babu ita, ko kuwa akwai lambobi biyu uku da hukumomi daban-daban suka rubuta a jikin bango. Abin da baƙo zai iya leƙowa ya gani da idonsa shi ake faɗa: launin get, bishiyar darbejiya ko ta mangwaro a ƙofa, tankin ruwa a sama, shagon da ke jikin gidan. Na fi son a ce gabas ko yamma a kan a ce hannun dama ko hagu, domin dama da hagu suna juyawa gwargwadon ko mutum yana shiga gida ne ko yana fitowa, amma wanda ya kwana ɗaya a gida ya riga ya nemi alƙibla, ya san gabas. In a bene ne mai ɗakunan haya, sai a ce hawa na nawa, ƙofa ta nawa daga matakala.

Jimlar da mutane suka fi tsallakewa ita ce ta wanda ya ba da lambar, kuma ita ce ta fi kwantar da hankali. Da zarar mai karɓa ya ga sunan mai gadi, ko mai gidan haya, ko dillalin da ya sama masa gidan, ya sami wanda zai tambaya ya tabbatar. Akwai kuma hakki a ciki. Lambar waya amana ce a hannun wanda aka ba, don haka ya fi kyau ka ce wa mai gadin ya fara gaya wa mutumin cewa maƙwabcinsa na gabas yana son lambarsa don ya gaishe shi. In ya yarda, saƙonka zai iso ana jiran sa. In kuma ta hanyar da ba za ka iya faɗa a fili ba ka samo lambar, misali ka kwafe ta daga jikin kwalin kaya ko daga takardar da ka gani a hannun wani, to kada ka aika saƙon. Ka jira ku haɗu a ƙofa ko a masallaci.

Mai lura zai ga cewa a saƙon na rubuta "makwabcinku" da k marar lanƙwasa, kuma da gangan ne. Saƙon tes na SMS yana ɗaukar haruffa 160 in duk haruffan na tsarin da wayoyi suka saba da shi ne, kuma tazarar da ke tsakanin kalmomi ma ana ƙirga ta. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin wannan tsari. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, wayar tana sauya dukkan saƙon zuwa wani tsari da ke ɗaukar haruffa 70 kacal, in kuma saƙon ya zarce haka sai a yanka shi gida-gida, kowane yanki haruffa 67. Saƙon da ke sama haruffa 151 ne, yana tafiya a matsayin saƙo ɗaya. In aka sa ƙ guda ɗaya a ciki, ya zama saƙo uku. Bayan ƙarin kuɗin kira da na saƙo da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a farkon 2025, saƙo ɗaya ya koma naira 6, ka ga naira 18 ke nan maimakon 6. Kuɗin ba shi da yawa. Abin da ya fi damuwa shi ne wasu ƙananan wayoyi ba sa nuna waɗannan haruffa, sai ɗan akwati ko alamar tambaya ta fito a gurbinsu, sunanka ko kwatancen gidanka ya lalace. 'Yan hotunan fuska da na hannu da ake liƙawa a ƙarshen saƙo su ma haka suke sauya lissafin. A WhatsApp babu wannan matsala, mutum ya rubuta Hausarsa da lanƙwasarta yadda ya kamata.

Wace hanya ce ta fi, tes ko WhatsApp? Kowace da inda ta fi ƙarfi. Tes yana isa ko wayar ƙarama ce, ko babu data, amma yana faɗawa cikin tarin tallace-tallace da sanarwar banki, mutane da yawa ba sa buɗe akwatin sai suna jiran alat. WhatsApp yana nuna wa mai karɓa sunan da ka sa wa kanka da hotonka in ka bar shi a buɗe, kuma tun da lambarka ba ta cikin wayarsa, manhajar za ta ajiye masa zaɓin toshe ka a gabansa. Saboda haka kafin ka aika, ka dubi abin da shi zai gani. In hotonka na mota ne ko na wani ɗan ƙwallo, sunanka kuma wani laƙabi ne na samartaka, kalmominka suna cewa kai magidanci ne mai mutunci amma fuskar saƙon tana faɗin wani abu daban. Saƙon murya yana da amfani in ka san mutumin bai saba da karatun boko ba, kuma murya tana ɗauke da ladabi fiye da rubutu, sai dai ya zama gajere, ƙasa da rabin minti, sunanka a farkonsa. Kiran bidiyo kuwa ba shi da wuri a gaisuwar farko ko kaɗan.

Wa ke rubuta wa wa

A nan al'adarmu ba ta da ruɗani. Namiji yana rubuta wa maigida, mace tana rubuta wa matar gida. Ko da lambar matar ce ta fara zuwa hannunka, miƙa wa iyalinka ita. Gaisuwar da namiji ya aika kai tsaye ga matar sabon maƙwabci, komai tsabtar kalmominta, tana iya haifar da zargin da zai daɗe bai wanke ba, kuma matar ce za ta fi ɗaukar nauyinsa a cikin gidanta. In macen ita ce mai riƙe da gidan, kamar wadda mijinta ya rasu ko ma'aikaciyar da aka yi wa canjin wurin aiki, hanya mafi kyau ita ce matarka ko mahaifiyarka ko 'yar'uwarka ta yi gaisuwar da sunan gidanku duka. In babu mace a gidanka kuma akwai buƙatar a san juna, saƙon ya zama gajere ƙwarai, da rana, kuma ya tsaya a kan gaisuwa.

Tsakanin mata saƙon yakan fi sakin jiki, kuma yakan zo da abin hannu:

"Assalamu alaikum Hajiya, sannunku da zuwa, ya baƙunta? Ni ce Maman Wane, gidanmu ne mai kallon naku. Na aiko yara da abinci, a yi haƙuri ba yawa. In kun huta zan shigo mu gaisa."

Wannan saƙo yana yin aiki biyu. Yana gabatar da mai shi, yana kuma bayyana kular abincin da yara suka kawo, domin a zamanin nan ba kowa ne zai ci abin da ya fito daga hannun da bai sani ba. Waɗanda suka tare jiya ba su gama haɗa murhu ko tukunyar gas ba, ba su san inda ake cefane ba, don haka abincin daren farko ko na biyu yana cikin alherin da ba a mantawa. Jimlar ƙarshe kuma ta bar wa baƙuwar ikon zaɓar lokaci. Gidan da kaya ke zube a tsakar ɗaki ba ya son baƙon ba-zata.

Sai maganar yadda za a kira mutum. In ba ka san shekarunsa ko matsayinsa ba, "Malam" ba ya ɓata wa kowa rai, babba ko yaro. Ga mace "Malama" ko "Hajiya" sun wadatar. In mai gadi ya gaya maka dattijo ne, sai ka ce "Baba" ko "Alhaji", ka kuma yi amfani da "ku" a maimakon "ka" har ƙarshen saƙon. Kada ka kira dattijo da sunansa tsurarsa ko da an gaya maka sunan. Akwai kalmomin da ya kamata a guje musu har sai an san gidan: "amarya" da "uwargida" suna ɗauke da hukunci a kan tsarin gidan da ba ka sani ba, kuma kuskure a nan yana da zafi. Haka ma "ya yara?" Wataƙila gidan an daɗe ana neman haihuwa, wataƙila an yi rashi. "Ya iyali?" ko "ya mutanen gida?" sun rufe kowa ba tare da sun taɓa wani miki ba.

Ba kowane sabon maƙwabci ne Musulmi ba, ba kuma kowa ne Bahaushe ba. A Kaduna da Jos da Zariya akwai Kiristoci da yawa da Hausa ce harshensu na gida, kuma suna kaɗai ba ya nuna addinin mutum. In ba ka tabbata ba, "Barka da zuwa" ko "Sannunku da zuwa" gaisuwa ce da ta dace da kowa, addu'ar zaman lafiya kuma babu wanda zai ƙi ta. Ayar da ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci a Suratun Nisa'i, aya ta 36, ta ambaci na kusa da na nesa, kuma malaman tafsiri da dama sun shigar da wanda ba Musulmi ba a ciki. In mutumin ba ya jin Hausa, rubuta masa da harshen da kuka haɗu a kai, da kalmomi masu sauƙi. Sassan saƙon ba sa canzawa.

Game da lokaci, ranar tarewa kanta ba ta dace ba sai dai in taimako za ka miƙa nan take, kamar tsani ko ruwa ko wutar janareta. Mutane suna cikin gajiya, waya tana can cikin wata jaka. Kwana na biyu ko na uku ya fi. In aka wuce mako guda kuwa gaisuwar ta fara tsufa, sai ka haɗa da ban haƙuri, ka ce ba ka gari ko ba ka sami labari da wuri ba, in dai gaskiya ne. A cikin yini, tsakanin La'asar da Isha'i ya fi dacewa. Saƙo daga baƙuwar lamba da ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana tayar da hankali ko me ya ƙunsa.

Mutane da yawa suna rufe saƙonsu da "in kuna buƙatar wani abu ku faɗa". Magana ce mai daɗi, amma kunya ba za ta bar baƙo ya faɗa ba. Tayin da ake karɓa shi ne wanda aka ambaci abu takamaimai, ƙarami, wanda karɓarsa ba ta zama bashi. Wanda ya tare a sabuwar unguwa a Kano, abin da ya fi damunsa a makon farko shi ne ruwa: wane ɗan garuwa ne ke zagayo layin, wane gida ne ke da burtsatse. Sai ranar da ake kwashe shara, da lokacin da ake rufe get ɗin layi da dare. Za ka iya ƙara jimla ɗaya, "Muna da burtsatse, yara su zo su ɗiba har ku daidaita." Amma kada ka yi tayin abin da ba za ka jure ba. Wanda ya ce a ja wuta daga janaretansa, bayan kwana huɗu ya fara ɗaure fuska, gara ma tun farko bai ce ba.

Abubuwan da za su jira su ne kuɗin 'yan sintiri, karo-karon gyaran transfoma, ƙorafin cewa motar kaya ta fasa kwalbatin ƙofarka, ko ruwan wankinsu yana gangarowa gabanka. Duk gaskiya ne, duk za a yi maganarsu, amma in suka shiga saƙon farko mutumin zai ɗauka gaisuwar share fage ce kawai. Kuɗin unguwa ma ya fi kyau ya fito daga bakin wanda aka ɗora wa karɓarsa, ko shugaban layi ko wakilin mai unguwa. Haka nan kada ka jefa shi cikin zauren WhatsApp na unguwa ba tare da ka tambaye shi ba, domin yin haka ya raba lambarsa ga mutanen da bai taɓa gani ba. Ka kuma tsare shi daga saƙonnin barka da Juma'a da bidiyoyin da kake tura wa kowa, har sai kun saba.

In shiru ya biyo baya, kada ka yi saurin fassara shi. A WhatsApp alama ɗaya mai ruwan toka tana nufin saƙon ya bar wayarka amma bai isa tasa ba, wataƙila babu data ko wayar a kashe take. Alama biyu masu ruwan toka, ya isa. In suka koma shuɗi an buɗe shi, sai dai mutum yana iya kashe wannan shuɗin a wayarsa, don haka rashinsa ba ya tabbatar da cewa ba a karanta ba. Mai yiwuwa ne kuma ya karanta yana jiran ya tambayi mai gadi, wanda hakan daidai ne. Kada ka bi shi da "Ka ga saƙona?", kada ka yi ta kira. Bar shi kwana biyu ko uku. Bayan haka abin da ya rage ba na waya ba ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ka tare shi bayan sallar Magariba ko lokacin da yake buɗe get, ka miƙa hannu ka ce kai ne mai koren get da ya aiko saƙo. Sau da yawa za ka ji ya ce ya gani, hidima ce ta sha kansa. In kuma ka lura mutum ne mai son a bar shi, ka bar shi, gaisuwar hanya ta wadatar, haƙƙinsa na maƙwabtaka yana nan a kanka ko ya amsa ko bai amsa ba.

Wanda aka aika wa shi ma yana da nasa rabon. In kai ne sabon zuwa, saƙo ya zo maka da suna da kwatancen gida da wanda ya ba da lambarka, ka leƙa ka ga gidan, ka tambayi wanda aka ambata. In ya tabbata, ka amsa a ranar, ko da layi biyu ne: "Wa alaikumus salam Malam, mun gode ƙwarai. Baƙunta alhamdu lillahi. In sha Allahu zan shigo mu gaisa bayan Magariba gobe." In kuwa saƙon bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ko ya zo da neman kuɗi, ko da tambayar lokacin da kake fita da dawowa, ba laifi ba ne ka ƙi amsawa har sai ka ga mai shi ido da ido. Bayan kun gaisa, ka adana lambar da sunansa haɗe da kwatancen gidansa, ka kuma ba iyalinka ita, domin ranar da bututu ya fashe ko yaro ya yi zazzaɓi cikin dare kana tafiya, lambar da za a fara nema ke nan.